Daƙiƙa Nawa a Rana? Yadda Muka Koyi Lissafin Katun na Minti Biyar

A shekarar 1966 Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar, ya fitar da wani fim na zane mai motsi mai suna Bon Voyage Sim. Tsawonsa minti biyar ne kacal. Labarin shugaban wata jamhuriyar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, aka tarbe shi da duk irin shagalin da shugabannin wancan zamani suka iya. Masu sharhi sun fi son tsayawa a kan habaicin siyasar da ke ciki. Ni kuwa, da yake sana'ata ita ce tsara aikin katun da kasafta kuɗinsa, idona a wani wuri yake. Zanen baƙi da fari ne, layukan kaɗan ne, kwaɗin kusan duk kamarsu ɗaya, bayan fage kuma ba a cika shi da tarkace ba. Wanda bai sani ba sai ya ce rashin iyawa ne. A'a, mutumin ya san yawan hoton da hannunsa zai iya zanawa, sai ya yi daidai ruwa daidai tsaki.

Ga lissafin da ke gabansa, kuma shi ne a gabanmu har yau. Majigin silima yana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, ke nan hoto 7,200. Talabijin ɗinmu na nan yana nuna 25, don haka idan don shi za a yi, hoto 7,500 ake nema. Mu a wurin aiki firam muke kiran kowane ɗaya. Tun da daɗewa masu zane suka gano cewa idan aka bar zane ɗaya ya zauna firam biyu ido ba ya ƙorafi, sai aikin ya ragu da rabi. Amma ko zane 3,600 ba wasa ba ne ga mutum ɗaya. Duk tarihin wannan sana'a a wurinmu tarihin neman hanyar rage wannan adadi ne ba tare da mai kallo ya tsargu ba.

Alassane bakanike ne tun asali. Ya shiga harkar fim a Yamai ta hannun Jean Rouch, ya je Kanada inda ya haɗu da Norman McLaren a hukumar fina-finan ƙasar, ya yi La Mort de Gandji a 1965. A zamaninsa abin da ke cin kuɗi shi ne zaren fim da wankinsa, kuma wankin a ƙasashen Turawa ake yi. Ma'ana, sai ka gama ɗauka, ka aika, ka jira, sannan ka ga ko motsin ya yi kyau. Babu damar a gwada a gani. Dole kowane firam a ƙirga shi a takarda kafin a taɓa kamara. Daga baya ya koma amfani da 'yan tsana, kamar a Samba le Grand na 1977, da kuma Kokoa, inda dabbobi ke kokawa a fage irin tamu ta gargajiya. A garin Tawa ya zauna tsawon shekaru, yana riƙe da otal yana aikinsa a ciki, har Allah ya yi masa rasuwa a 2015. Abin da 'yar tsana ta ba shi a fili yake: sau ɗaya ake gina ta, a motsa ta sau dubu. Wannan dabarar ce muke ci da ita a yau, sai dai tamu 'yar tsanar tana cikin kwamfuta.

Su ma Amurkawa matsin aljihu ne ya koya musu. Lokacin da William Hanna da Joseph Barbera suke yin Tom and Jerry don silima, fim na minti bakwai yana lashe fiye da dala dubu talatin. Da aka rufe sashensu a 1957 suka koma talabijin, sai aka ba su abin da bai wuce dala dubu uku ba a kan minti biyar. Sai suka raba jiki gunduwa-gunduwa: gangar jiki ta tsaya cik, kai da baki da hannu kaɗai ke motsi. Shi ya sa za ka ga dabbarsu ba riga amma da kwala a wuya. Kwalar ce ke ɓoye inda aka raba kai da jiki.

A Nijeriya kuwa an daɗe ba a yi wannan lissafi ba, don babu mai biya. Tashoshin talabijin sun ga sayo katun na waje ya fi araha nesa ba kusa ba, tatsuniyarmu kuma aka ba da ta da mutane, kamar yadda shirin Tales by Moonlight na NTA ya riƙa yi tun shekarun 1980. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama a Kano bayan Turmin Danya na 1990, ya zo da nasa tsarin: a fita lokeshan, a ɗauka cikin kwanaki, a tace, a kai kasuwa, kuɗi su dawo a shiga na gaba. Ɗan kasuwar da ya saba da wannan juyi, ka ce masa ya zuba kuɗi ya jira wata huɗu a kan minti biyar, ai kallon mahaukaci zai yi maka. Har gobe wannan tunani yana bin mu. Mai ba da aiki yakan auna katun da ma'aunin fim ɗin mutane, ya ce minti biyar ai aikin yini ɗaya ne.

Mu da muka shigo a zamanin kwamfuta, da manhajar Flash yawancinmu muka buɗe ido, muna yin 'yan tallace-tallace na daƙiƙa talatin da saƙonnin wayar da kai na ƙungiyoyi. A 2010 Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino daga Abuja, katun na yara da aka yi da salon sassan jiki masu motsi, ya nuna ƙaramin kamfani zai iya jera shiri bayan shiri idan ya riƙe salo mai sauƙi. Shekara goma bayan haka, a Disambar 2020, aka haska Lady Buckit and the Motley Mopsters a gidajen silima, dogon katun na farko da aka yi a ƙasar nan. A tsakanin nan kayan aiki suka zube ƙasa warwas. An saki OpenToonz kyauta a 2016, a shekarar ce kuma Krita ta samu sashen motsa zane. A 2019 Blender ta fito da sigar 2.80 wadda ta sa ana iya zanen hannu sosai a cikinta. Yau yaro yana kwance a ɗaki da wayarsa yana motsa zane.

Alheri ne, amma ya zo da nasa ciwon kai. Da zaren fim ya tafi, kuɗin manhaja ya tafi, abin da ya rage a kasafi shi ne lokacin ɗan Adam, shi kuma ba ya da rasit. Mai ba da aiki zai biya kuɗin mai ba musu, don ya san farashin lita. Amma ka ce masa motsin daƙiƙa biyu ya ci wa mutum yini guda, sai ya ga kamar cuta ce.

To bari in sauko gida. Ni mutumin Birnin Gwari ne, kuma ƙananan ayyukan da nake tsarawa yawanci na mutum huɗu ne, wasu a gari wasu a Kaduna. Zan ɗauki misalin fim ɗaya in bi shi daga farko, da alƙaluman da nake fara lissafi da su. Tatsuniya ce ta Gizo da Ƙoƙi da kura da wata yarinya mai tsintar ɗanyen kaɗe, a daji irin namu na Kamuku, mai doka da kaɗanya da ɗorawa da manyan duwatsu. Mutanen su ne darakta, wanda shi ne marubuci kuma edita. Mai zanen 'yan wasa da bayan fage. Sai masu motsa zane biyu. Sauti a waje za a bayar.

Tun a kan takarda ake fara kashe kuɗi ko tsimin su. Gizo dai gizo-gizo ne, ƙafa takwas. Duk mai zanen da ya ce zai ba shi ƙafafunsa cif, to ya shirya kwana a kan kujera, don kowane taku sai an bi ƙafa takwas ɗaya bayan ɗaya. Mu hannu biyu da ƙafa biyu muke ba shi, mu sa masa 'yar shara da hula, a gane shi da tsamin bakinsa da wayonsa. Kura ba yadda za a yi, ƙafa huɗu ce, tafiyar mai ƙafa huɗu kuwa ta ninka ta mutum wahala. Sai a riƙa nuna ta daga ƙirji zuwa sama, ko tana leƙe daga bayan dutse, ko ciyawa ta rufe mata ƙafafu. A nan suturarmu ta yi mana rana fiye da kwalar Amurkawa: babbar riga tana ɓoye gwiwa da gwiwar hannu, zani da dogon hijabi suna ɓoye ƙafa gaba ɗaya. Yarinyar nan idan tana tafiya, gangar jikinta ce kawai ke ɗan hawa da sauka, bakin zani yana kaɗawa, ido kuma ya yarda.

Abin da kusan kowane mai ba da aiki a yankinmu yake roƙo shi ne a sa kasuwa, musamman tun da aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari a Nuwambar 2024 bayan shekaru tana rufe. Ina gane dalilin, abin alfahari ne. Amma kasuwa taron jama'a ce da garken shanu, wato abu mafi tsada a duniyar katun. Idan ya zama dole, zane ɗaya mai faɗi ake yi wanda ba ya motsi, a ja kamara a hankali daga hagu zuwa dama, a motsa wutsiyar saniya biyu da hannun dillali ɗaya, sauran aikin a bar wa kukan shanu da hayaniyar ciniki. Kunne yana cike abin da ido bai gani ba, kuma sauti ya fi zane araha.

Mako biyu na farko na rubutu ne. Maganar da ke cikin minti biyar kada ta wuce kalma ɗari biyar, in ba haka ba babu wurin shiru, babu wurin dariya. A mako na uku ake ɗaukar murya, kuma wannan tsari ba a juya shi: murya kafin motsi. Waɗanda suka saba da fassarar fina-finan Indiya sukan so a zana tukuna a ɗora murya daga baya. A katun asara ce, don tsawon kowane shot daga numfashin mai magana yake fitowa. Bakunan ma ba su da yawa. Shida sun ishi Hausa: rufaffe don m da b da ɓ, huɗu don wasula, ɗaya mai haƙora a haɗe don irin su s da t. Littattafan Turawa suna ƙara wani inda haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa saboda f ɗinsu. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta tasa, don haka mun huta da wannan.

Daga nan sai sitoribod, wato labarin a zane-zane marasa kwalliya, sannan a jera su a kan muryar da aka ɗauka a yi abin da muke kira animatik. Fim ne cikakke mai tsawon minti biyar daidai, sai dai hotunan ba sa motsi. Wannan shi ne wurin da nake so mai karatu ya fi riƙewa, domin a nan kuɗin fim yake yankewa. Kafin animatik duk farashin da ka faɗa shaci-faɗi ne. Bayansa kuwa kana iya zama da biro ka ƙirga.

Ga yadda ƙirgar take. A cire daƙiƙa 20 na suna da jerin ma'aikata, saura 280. Idan shot yana kai daƙiƙa biyar a tsakaice, an samu shot 56. Sai a bi su ɗaya-ɗaya a raba gida uku. Akwai masu sauƙi, inda ake magana kawai, baki da ido da ɗan kaɗa kai. A fim ɗinmu sun kai daƙiƙa 140. Akwai matsakaita, masu tafiya da miƙa hannu da ɗaukar ƙwarya, daƙiƙa 100. Sai masu wuya, daƙiƙa 40: inda kura ta biyo Gizo a guje, da inda ya faɗo daga kan ɗorawa. Mai motsa zane da hannunsa ya faɗa, yana aiki da 'yan tsanan da aka riga aka haɗa wa gaɓoɓi, ina sa masa daƙiƙa goma a rana a masu sauƙi, biyar a matsakaita, biyu a masu wuya. Ke nan kwana 14, da kwana 20, da wani kwana 20. Jimla kwanan aiki 54.

A duba da kyau: daƙiƙa 40 na gudu sun ci kwanakin da daƙiƙa 100 na tafiya suka ci, sun kuma fi na daƙiƙa 140 na magana. Don haka idan kuɗi suka gaza, ba a cewa a rage fim daga minti biyar zuwa huɗu. Shot uku na gudu ake nema a sake musu dabara. Maimakon a nuna Gizo yana faɗowa reshe bayan reshe, a nuna fuskar Ƙoƙi tana bin sa da ido daga sama zuwa ƙasa, a ji tim, ƙura ta tashi. An tsira da kwana uku, kuma sau da yawa ya fi ban dariya.

Kwana 54 a raba wa mutum biyu, 27 ke nan kowanne. Ina ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda gyara, don babu shot ɗin da darakta ke karɓa a kallon farko, sai ya zama kusan kwana 34. A mako kwana biyar nake ƙirgawa, ko da an ce za a yi shida, saboda Juma'a rabin yini ce, ga suna, ga jana'iza, ga zazzaɓi. Motsi ya ci mako bakwai. Waɗannan alƙaluma na daƙiƙa goma da biyar da biyu kuwa ba aya ba ce. Kafin a sa hannu a takarda, kowane mai motsi ya yi shot ɗaya na gwaji daga kowane gida, a duba agogo, a yi lissafi da abin da aka gani. Idan da hannu za a zana kowane firam, a manta da su gaba ɗaya, don a nan daƙiƙa ɗaya ko biyu a rana ma an yi ƙoƙari.

Mai zane shi ne ƙofar da kowa ke jira. 'Yan wasa huɗu, kowanne kwana uku a zana shi ta gaba da gefe a haɗa masa gaɓoɓi, kwana 12. Bayan fage 12, kowanne yini da rabi, kwana 18. Mako shida ke nan, daga na uku zuwa na takwas. Dole ya fara da 'yan wasa, domin masu motsi su kama aiki a mako na shida, bayan fage kuma ya riƙa biyo su. Daji yana da rangwame a nan: idan ya zana doka uku, kaɗanya biyu, dutse biyu da tarin ciyawa, kowanne daban, sai a riƙa sauya musu wuri da girma, a samu daji iri-iri. Motsi ya ƙare a mako na goma sha biyu. Na sha uku haɗa hotuna da rendarin, na sha huɗu kiɗa da daidaita sauti. Sai in ajiye mako biyu da ba a rubuta komai a cikinsu ba. Mako 16, wata huɗu ba kaɗan.

Waɗannan mako biyu na ajiya, wanda ke zaune a Abuja zai ce lalaci ne. Mu mun san abin da ya sa. Daga ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna saboda matsalar tsaro, Birnin Gwari na ciki, kuma ba a maido ba sai wajen ƙarshen Nuwamba. Duk tsarin da ya dogara da a tura fayil kullum ta intanet ya mutu a wannan lokaci. Hanyar Kaduna kuma, mai bi ta Buruku da Udawa, an yi shekaru ba a shiga ta sai an yi shawara, wani lokaci sai da rakiyar jami'an tsaro. Abubuwa sun yi sauƙi bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2024, amma darasin ya zauna. Ina raba aiki ta yadda kowane mai motsi zai riƙe sin guda cikakke, da muryoyinsa da 'yan tsanansa da bayan fagensa a cikin kwamfutarsa, ya iya mako biyu bai nemi kowa ba. Muryoyi kuma a zama ɗaya ake ɗauke su duka, har da kukan tsoro da dariya da nishi na ko-ta-kwana, don kada a sake tara mutane saboda kalma ɗaya.

Sai kalanda. Garinmu garin noma ne, kuma yaron da ke motsa zane ɗan wani ne mai gona. Idan mako bakwai na motsi suka faɗo a kan shuka da noman fari, ko a kan girbin masara, to za ka neme shi ka rasa, kuma ba ka da bakin magana. Azumi ma yana rage awannin aiki, makon salla kuwa a cire shi kawai. Na fi son a yi rubutu da murya da kaka, motsi ya kama cikin hunturu. Sanyi yana yi wa kwamfuta daɗi, sai dai a riƙa rufe ta saboda ƙura. Zafin bazara kuwa yana sa laftof ya rage gudu da kansa, ka ji fanka tana kuka aiki ba ya tafiya.

Wuta ita ce ta gaji gurbin zaren fim. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci tsakanin katun shimfiɗaɗɗe da mai siffar 3D. Idan kwamfuta tana fitar da firam ɗaya cikin daƙiƙa huɗu, firam 7,500 za su ɗauki awa takwas da 'yan mintoci, yini ɗaya a kan sola. Idan kuwa kowane firam minti ɗaya yake ci, wanda a 3D ba a ma ce ya yi nauyi ba, awa 125 ke nan, ƙaramin janareto ya sha lita sittin ko fiye, kuma wannan idan ba a sake ko shot ɗaya ba. Kowanne aka zaɓa, a fitar da rendarin a jerin hotunan PNG, kada a fitar da shi bidiyo kai tsaye. Idan wuta ta ɗauke a firam na 5,000, sai a ci gaba daga na 5,001. Bidiyo kuwa ya lalace, sai a koma farko.

Yanzu kuɗi. Farashin da zan sa misali ne, kowa ya musanya da na ranar da yake lissafi. Darakta mako 14, mai zane mako bakwai, masu motsi mako takwas-takwas har da gwaji: makon aiki 37. A kan naira 40,000 a mako, naira 1,480,000. Masu murya huɗu da situdiyo da kiɗa da daidaita sauti, 220,000. Mai da cajin batir, 200,000. Data da kuɗin mota, 100,000. Ma'ajiyar fayil guda biyu, ɗaya a gari ɗaya a Kaduna, 100,000. An samu 2,100,000. A ɗora kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana, ya zama 2,415,000, wato kimanin naira dubu takwas kowace daƙiƙa. Kashi saba'in cikin ɗari na ainihin kuɗin ladan mutane ne, kuma ban sa sayen kwamfuta ko ribar kamfani ba. Duk kasafin da na gani kayan aiki sun fi lada yawa, na san wani zai yi aikin banza, kuma wanda ke aikin banza shi ne ke ɓacewa a mako na tara.

Yadda ake biyan ma'aikata ma yana da tasiri. Manomi ya san bambancin ɗan ƙodago da ɗan jinga: na farko yini yake sayarwa, na biyu kunya yake ƙirgawa. Masu motsi jinga ta fi dacewa da su, amma kada a yi ta a kan daƙiƙa tsagwaronta, don kowa zai rungumi shot ɗin magana ya gudu daga na kura. A sa wa kowane gida farashinsa, daƙiƙar mai wuya ta ninka ta mai sauƙi sau biyar, kuma a biya idan darakta ya karɓi shot, ba idan an miƙa ba.

Daga wajen mai ba da aiki kuwa, kashi uku nake karɓa: arba'in cikin ɗari kafin alƙalami, talatin ranar da ya amince da animatik, talatin ranar miƙawa. Amincewar nan a rubuce take, da sa hannu, tare da sharaɗin gyara sau biyu kawai. Na taɓa aiki da wata ƙungiya da ta ga komai ta yaba, sai da motsi ya yi nisa wani babba a ofishinsu ya ce a ƙara jimla ɗaya a tsakiyar fim. A wurinsa jimla ce. A wurinmu a nemo mai murya, a koma situdiyo, a tsawaita shot, a sake bakin, a matsar da duk kiɗan da ke bayansa. Gyaran da zai ci rabin awa a animatik ya ci kusan mako. Irin wannan ba a faɗa a kansa, takarda ake buɗewa a nuna farashin daƙiƙa.

Ta yaya ake gane aiki ya fara zamewa tun kafin ya faɗi? A bango nake manna takarda mai layi 56, kowane shot da gidansa da kwanakin da aka yanka masa da sunan mai yi. Duk ranar Alhamis a ƙirga waɗanda aka karɓa. Amma a yi hattara da ƙirga daƙiƙa, tana ruɗi. Idan aka fara da masu sauƙi, mutum biyu za su gama daƙiƙa 140 cikin mako ɗaya da rabi, kowa ya ce an ci rabin fim, alhali kwana 14 aka ci cikin 54, kwata da ɗan ɗori. Kwanakin aiki ake ƙirgawa, kuma kusan takwas ake so a karɓa duk mako. Shi ya sa nake sa shot mafi wuya a makon farko na motsi, lokacin da jiki ke da ƙarfi kuma akwai sauran damar sauya dabara. Wasu alamun ba sa cikin takarda: shot ɗin da aka ce saura kaɗan Alhamis biyu a jere, ko mai motsi ya koma yana ƙawata abin da aka riga aka karɓa, ko darakta ya fara cewa za a gyara a wurin haɗawa. Idan mako na biyu na motsi ya ƙare ba a karɓi kwana goma sha biyu ba, ranar za a zauna a rage shot masu wuya. Ƙaro mutum na uku a tsakiyar aiki ba ya cika ceto, don sai an cire ɗaya daga cikin biyun ya koya masa 'yan tsanan.

Ga matasanmu da ke zane a waya da laftof, daga Birnin Gwari har Funtuwa da Kaduna, roƙona ɗaya ne. Kafin ku faɗa wa kowa farashin minti biyar, ku yi daƙiƙa goma sha biyar tukuna: biyar na magana, biyar na tafiya, biyar na gudu. Ku rubuta awannin da kowanne ya ci da litar man da aka ƙona, ku riƙe takardar a aljihu ranar da za ku je ciniki.